Awa nawa batirin mota zai riƙe tele?

"Maigida, wani ya kawo batirin mota mai 70Ah da inbata, yana son ya san awa nawa zai kalli tele in wuta ta ɗauke. Me zan ce masa?"

Kafin ka ce komai, juya telen ka karanta takardar da ke manne a bayanta, nan ake rubuta wat nawa take ci. Ta zamani mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba. Ka tambaye shi ko da dikoda zai haɗa, don mutanenmu na Maradi ba sa ƙirga ta, alhali ita ma tana jan kamar wat 15. Ka ga an tashi 65.

Wannan 65 ɗin sai ka raba ta da goma, ta ba ka amfa shida da rabi. Abin da batirin zai riƙa zubarwa ke nan muddin tele na kunne. Na san za ka ce ai batirin 12V ne, don me goma? Inbata ba ta aiki kyauta, yaro. Tana cinye wani kaso wajen juya wutar, shi ne ɗumin da kake ji a jikinta, kuma rabawa da goma ta riga ta biya mata nata.

Yanzu ga inda ake ruɗuwa. 70Ah ɗin da ke jikin batirin ba duka ne na mai tele ba, rabi ne, wato 35. Batirin mota an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tayar da inji, cajar mota ta mayar masa nan take. Farantansa sirara ne. In ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, 'yan watanni zai yi ya daina riƙe caji. To 35 raba da shida da rabi, awa biyar ke nan da 'yan mintoci. Wannan fa in sabo ne kuma cike. Wanda ya sha zafin watan Afrilu sau biyu a cikin mota, ce masa awa uku, ka huta da ƙorafi.

Kada ka bari rubutun 1000W na jikin inbata ya shiga lissafin. Wannan nauyin da za ta iya ɗauka ne, ba ya ƙara ko minti ɗaya.

Sai ka gargaɗe shi kada ya jira kukan inbata kafin ya kashe, don galibi ba ta kuka sai batiri ya gangara wajen 10.5V, lokacin an riga an yi ɓarna. Ya kashe komai, batirin ya huta kamar awa guda, ku ɗora mita. In ta nuna 12.6V cike yake, in ta nuna 12.2V an kai rabi, a mayar da shi caji a ranar. Kuma in batirin da zai tayar masa da mota da safe ne, ya tsaya a awa biyu.