Mako bakwai kafin Sallah, kaya na Guangzhou

"Malam, ina da dila talatin na leshi da shadda a Guangzhou, saura mako bakwai Sallah. Kuɗin jirgin sama ya tsorata ni. In ɗora a ruwa? An kuma ce mini daga Legas jirgin ƙasa ya fi tirela sauƙi."

Alhaji, fara gyara lissafin kwanakin tukuna. Mai sayen yadi sai ya kai wa tela, teloli kuwa sukan daina karɓar ɗinki tun saura mako biyu ko uku. 'Yan sari da ke zuwa Kantin Kwari daga Maraɗi da Damagaram ma kafin nan sun gama sayayya. Mako huɗu ke hannunka ke nan.

Ruwa ba zai kai ba. Daga kudancin Sin zuwa Apapa kwantena kan yi kwana 35 zuwa 45 a teku, ban da jiran cika ta idan haɗaka aka yi da kayan wasu. Fitar da ita daga hannun kwastan kan ci mako ɗaya zuwa uku, muddin takardu sun yi daidai. Tirela zuwa Kano kwana uku ko huɗu. Ko komai ya tafi sumul, sai ana gab da idi za ka ga kayanka, bayan teloli sun daina karɓar ɗinki.

Shawarata ka raba kayan biyu. Zaɓi sabon yayi, wanda farashinsa zai faɗi da zarar Sallah ta wuce, ka ɗora a sama, cikin kwana 7 zuwa 10 yana iya isowa. Farar shadda da ake saye ko yaushe ta biyo ruwa, Babbar Sallah na nan tafe kusan kwana 70 bayan wannan Sallar.

Ga yadda za ka gane wanda ya cancanci sama. A ce wakilinka ya ce dala 8 kilo, leshi mai yadi biyar kuma ya kai kilo 2. Kowane ɗaya ya hau da dala 16. Idan ribarka a kansa dala 30 ce, ɗora shi. Idan dala 12 ce, asara za ka saya da kuɗinka. Ka kuma lura, jirgin sama kan caji girman kwali idan ya fi nauyinsa: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6000. Kwali mai 60 da 50 da 40 kilo 20 ne a wurinsu, ko da kilo 12 ke ciki. Yadi na da nauyi, wannan bai cika cutar da kai ba, amma ka sa a matse ɗaurin.

Jirgin ƙasa kuwa, bar shi ga mai siminti da hatsi, wanda ba ya sauri. Tsohon layin Legas zuwa Kano ba a ɗora masa alƙawarin rana.

Kafin ka biya, tambayi wakilin a rubuce: Kano kayan za su sauka ko Legas, kuma kuɗin kwastan yana cikin farashin?