Augmentin ko mai araha: me za a duba a jikin kwali?

Tambaya: Likita ya rubuta min Augmentin 625, safe da yamma na kwana 7. A kemis aka ce akwai wani irinsa da bai kai rabin kuɗinsa ba. In karɓa, ko jabu ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Uwargida, araha kaɗai ba ta mai da magani jabu. Augmentin sunan kasuwa ne da kamfanin GSK ya sa wa nasa. Abin da ke yaƙi da ƙwayar cutar an rubuta shi da ƙananan haruffa a ƙasan babban sunan: amoxicillin miligiram 500 da clavulanic acid miligiram 125. Su ne aka haɗa suka ba da 625. Duk kamfanin da ya zuba waɗannan sinadarai biyu a wannan ma'auni, kuma hukumar NAFDAC ta yi masa rajista, magani ɗaya yake sayarwa. Tsadar na GSK ta ƙaru ne tun bayan da kamfanin ya sanar a 2023 cewa zai daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a Najeriya.

Ki ce a ɗora miki kwalayen biyu a kan kanta, ki karanta da idonki. Dole ki ga sunaye biyun nan da lambobin 500 da 125. Idan amoxicillin kaɗai aka rubuta, ki mayar. Wannan kafso ne mai araha sosai, amma babu sinadari na biyun da ke kare shi daga ƙwayoyin cutar da suka iya lalata shi, don haka ciwon na iya ƙin tafiya. Akwai kuma mai 375, wanda wasu masu kemis kan ce a sha biyu ya zama daidai. Kada ki yarda. Kowace ƙwaya 250 ce da 125, to biyu sun ba ki 500 da 250: sinadari na biyun ya ninka, shi ne kuwa mai jawo gudawa da tashin zuciya.

Sai lissafin kuɗi, inda aka fi cutar mutane. Ke ƙwaya 14 kike bukata. A ce kwali mai ƙwaya 10 naira 4,000 ne, mai 14 kuma naira 4,900. Na farkon ya fi kama da araha, amma kowace ƙwaya 400 ta kama, na biyun kuwa 350. Sannan kwalin 10 zai ƙare miki a kwana na 5, sai ki sake sayen wani ko ki katse maganin. Katsewar ce ba ma so ko kaɗan.

Tsoronki na jabu yana kan hanya, sai dai jabun ya fi bin suna mai tsada, don can ribar take. Ki duba lambar rajistar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa, ki tabbatar abin da ke jikin kwali shi ne a jikin katin da ke ciki. In akwai wurin kankarewa, ki kankare ki tura lambar ta saƙon tes zuwa lambar da aka buga a gefensa, amsa za ta zo. Wannan maganin ba ya son zafi da laima, saboda haka katin da ya huje ko ƙwayar da ta sauya launi ba na sha ba ne, ko na wane kamfani ne.

Tambaya: Babanmu yana shan nifedipine 20 na hawan jini. Na samu mai 20 mai rahusa, in sauya masa? Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Malam, ka duba ko a tsohon kwalin akwai Retard, SR ko XL bayan sunan. Waɗannan suna nufin ƙwayar tana sakin maganin a hankali cikin awanni da yawa. Wanda babu su yana sakin nasa lokaci guda, jinin Baba na iya faɗuwa farat ɗaya, ya ji jiri, ciwon kai da bugun zuciya, ga dattijo kuma faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce. In haruffan da ma'aunin duk sun zo ɗaya da na tsohon kwalin, ka saya, ka riƙa gwada masa jini a makon farko. Ka je da tsohon kwalin wurin ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya gwada su gefe da gefe. In kuma Baba yana shan maganin farfaɗiya, na tsinka jini irin warfarin, ko levothyroxine na maƙoƙo, waɗannan kada a sauya musu kamfani sai da sanin likitansa, domin ɗan bambanci kaɗan a cikin jini yana iya dawo da ciwon ko ya jawo illa.