Sigari da giya sun raunana min gaba, in na daina ƙarfina zai dawo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 43, ina da mata da yara huɗu. Na kai shekara 20 ina shan sigari, yanzu kwali guda nake ƙarar da shi a rana, sannan shekara shida kenan na faɗa shan giya, kusan kullum da dare, har ta kai da safe hannuna rawa yake sai na ɗan kurɓa yake tsayawa. Iyalina ba ta san da giyar ba. Matsalar ita ce wajen shekara biyu yanzu gabana yakan miƙe amma ba ƙarfi, kuma ana tsaka da abu sai ya kwanta. Miƙewar asuba ma sai jefi-jefi. Na yi niyyar gobe in yanke giyar gaba ɗaya. Ita sigarin kuma wani ya ce min makaruhi ce kawai, to in dama ƙarfin ba zai dawo ba ina ganin in bar ta a haka. Malam zai dawo kuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya karɓi tubarka ya tabbatar da kai a kai. Wallahi na ji daɗin wasiƙar nan, don wanda ya iya faɗin aibinsa haka ba ɓoye-ɓoye zuciyarsa da sauran rai.

Kafin maganar gaba, akwai kalma ɗaya a tambayarka da ta tsaya min a rai, wato rawar hannun nan ta safe. Kai ka faɗe ta a wucewa, ni kuma ita ce ta canza min amsar. Haramcin giya ba sai na karanto maka aya ba, ka sani na sani. Tuba kuma wajibi ce a kanka yanzu, ba gobe ba. Amma wanda jikinsa ya kama giya har yake karkarwa in bai sha ba, in ya yanke ta lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki, yana iya shiga hatsari na gaske. Cikin awa shida zuwa 24 zufa da rawar jiki da rashin barci suke farawa, wasu cikin kwana biyun farko sukan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu hankalinsu yakan gushe su riƙa ganin abubuwan da babu su, kuma wannan yana kisa in ba a yi magani ba. Kar ka ɗauka ina ba ka lasisin ci gaba da sha ne da sunan ragewa a hankali, a'a. Annabi (SAW) da Ɗariƙ bin Suwaid ya tambaye shi kan giya don magani ce masa ya yi ita ba magani ba ce, cuta ce. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka tafi asibiti yau ko gobe da sassafe ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha, akwai maganin halal da suke bayarwa na 'yan kwanaki yana kwantar da jijiyoyi har a wuce wannan gaɓar, tare da bitamin B1. Faɗa wa likita ba tona asirin kai ba ne, neman magani ne.

To sai tambayarka. Na zauna da likitoci a kan wannan mas'alar ba sau ɗaya ba saboda yawan masu kawo ta, ga abin da na fahimta. Miƙewar gaba aikin jini ne. In sha'awa ta motsa, jijiyoyi da fatar cikin hanyoyin jini suna fitar da wani sinadari da ake kira nayitirik oksayid, shi yake sa naman cikin gaba ya saki, jini ya kwararo ya cika shi, cikar nan kuma ita take danne hanyoyin da jinin zai koma sai ya tsaya a ciki. In jinin da ke shigowa bai kai ba, ba a danne hanyar fita da kyau, sai ya zurare. Wannan shi ne abin da ka siffanta, ya tashi ba ƙarfi kuma ya kwanta a tsakiya.

Sigari tana ɓarna iri biyu. Akwai ta nan take: nikotin yana matse hanyoyin jini duk lokacin da ka zuƙa, kai kuma kara 20 kake sha a rana, kenan kusan ba su samun hutu. Wannan ɓarnar tana ɗagawa da wuri, cikin makonni biyu zuwa wata uku gudun jini yakan gyaru. Akwai kuma ta shekaru, inda hayaƙin yake cinye fatar cikin jijiyar, kitse ya taru bangon ya yi tauri hanyar ta ƙuntata. Wannan ita ce ba ta komawa yadda take gaba ɗaya, sai dai a tsayar da ita kar ta ƙaru. An yi wani bincike a Iran a 2004 kan masu irin matsalarka, bayan shekara guda kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka daina sun samu sauƙi, cikin waɗanda suka ci gaba da sha kuwa ko mutum ɗaya bai samu ba. Kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙarancin shekaru da waɗanda abin bai yi tsanani ba.

Ita giya ta ɓangaren jijiyoyin saƙo take fara shiga, tana kashe kaifin saƙon da ke tafiya tsakanin ƙwaƙwalwa da gaba, shi ya sa mashayi yake jin sha'awa amma jiki ya ƙi amsawa. In an daɗe kuma tana rage sinadarin mazakuta, testostaron. Da yawa in suka yi wata biyu ko uku ba su sha ba suna ganin canji a fili, sai dai wanda ta riga ta lalata masa hanta, ko ya fara jin ƙafafunsa suna dindiris, ko nonuwansa suka fara girma, shi nasa ya fi wuya.

Ba zan yi maka alkawarin za ka koma ɗan shekara 25 ba. Amma ka ce miƙewar asuba tana zuwa jefi-jefi, wannan alama ce mai kyau, tana nuna hanyoyin ba su toshe gaba ɗaya ba, kuma shekara 43 ba tsufa ba ne. Ka sa ido a kanta, in ka ga tana ƙaruwa daga sau ɗaya a sati zuwa sau uku to jiki yana farfaɗowa ko da ba ka gani a shimfiɗa ba tukuna. Kar ka yanke hukunci a watan farko, lokacin ma abin yana iya ƙara lalacewa saboda rashin barci da ƙuncin rai. Ka ba shi wata shida zuwa shekara.

Yanzu maganar makaruhi, kuma nan zan ɗan daɗe don ita ce ƙofar da shaiɗan ya bar maka a buɗe. Gaskiya ne akwai manyan malamai da ba su haramta taba ba, irin su Aliyu al-Ujhuri daga Malikiyya da Abdulgani an-Nabulsi daga Hanafiyya, kuma ba mu raina su. Amma ka duba zamaninsu. Taba ta shigo ƙasashen Musulmi ne wajen shekarar 1600, su kuma sun rayu lokacin da ba wanda ya iya tabbatar da cutarta, hujjarsu ita ce asalin abubuwa halal ne har sai an ga cuta, kuma su da kansu sun ce wanda take cutarwa ta haramta gare shi. Sai a 1950 bincike ya fara tabbatar da alaƙarta da kansar huhu, daga nan hujjoji suka yi ta taruwa har ba sauran likitan kirki da ke musu. Sharaɗin da suka gina fatawarsu a kai ya rushe, to yaya za a riƙe fatawar a jefar da sharaɗin? Wasu sukan ce ai babu nassi da ya ambaci taba da suna. To babu nassin da ya ambaci fiya-fiya da suna ma, waye zai ce shanta makaruhi ne? Ka'idar la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa, ta isa. Wasu kuma su kwatanta ta da albasa da tafarnuwa saboda wari, alhali albasa abinci ce mai amfani, warinta kawai aka ƙi a masallaci, ba ta toshe jijiya. Abin da na rinjayar shi ne haramun ce. Kai kuma naka ma ya wuce wurin saɓani, don cutar ta riga ta bayyana a jikinka, ko a mazhabar masu sassauci ta haramta gare ka. Kar kuma ka koma shisha ka ce ka daina, hayaƙin ne dai. Abin mannawa ko cingam na nikotin da likita zai ba ka na ɗan lokaci ya halatta, magani ne.

Kuma ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Matarka tana da haƙƙi a shimfiɗa kamar yadda kake da shi, raunin da Allah ya jarabci mutum da shi daban, wanda yake saye da kuɗinsa kullum daban. Shekara biyu tana haƙuri, wataƙila ma tana zargin kanta ko tana tunanin ka daina sonta. Ba na ce ka tona mata maganar giya ba, ka rufa wa kanka asiri, amma ka ce mata matsalar lafiya ce kana neman magani. Wannan kalmar kaɗai tana rage fargabar da ke kwantar da kai a tsakiya, don tsoron kar ya kwanta shi kansa yana kwantar da shi.

Abu na ƙarshe, kuma ka riƙe shi da kyau. Jijiyoyin jinin gaba ƙanana ne, faɗinsu milimita ɗaya zuwa biyu, na zuciya kuwa uku zuwa huɗu, don haka su suke fara nuna toshewa, sau da yawa da shekaru biyu zuwa biyar kafin ciwon zuciya ya fito. In ka je asibiti ka ce a auna maka hawan jini da suga da kitsen jini da hanta, a duba testostaron da safe. Bayagara da ire-irenta halal ne ga mai aure in likita ya rubuta, amma kar ka saya da kanka, haɗa ta da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe yana faɗar da jini har mutum ya mutu. Haka haɗe-haɗen maganin ƙarfin maza da ba a san me ke ciki ba, an sha kama su da wannan sinadarin a ɓoye ba awo. Ka rubuto min bayan ka ga likita in ji yadda kuka yi, ina sa ka a addu'a.

Wallahu a'alam.