An ce wani ya shiga asusuna cikin dare: in sayi sabuwar waya ne?

*Assalamu alaikum. Yau da asuba na tarar da saƙo a imel ɗina cewa an shiga asusuna na Facebook da ƙarfe 2:17 na dare, ta Chrome a kan Windows, daga wani gari da ban taɓa takawa ba. Ni ba ni da kwamfuta, waya kaɗai gare ni. Tsoro ya hana ni taɓa komai a saƙon. Ƙanena ya ce wayar ce aka yi wa kutse, in sayar da ita in sayi sabuwa. Wata ƙawata kuma ta ce in biya kuɗin manhajar riga-kafi. Ina da shafin da nake tallar kayana a kai. Me zan saya, me zan yi?*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ajiye kuɗinki tukuna, kada ki sayi komai. Kuma tsoron nan da ya hana ki taɓa saƙon ya yi miki rana, domin abu na farko da za mu tantance shi ne ko saƙon kansa na gaskiya ne.

Masu damfara sun daɗe da gane cewa babu abin da ke sa mutum ya danna mahaɗi ba tare da tunani ba kamar a ce masa an shiga asusunsa. Sai su tsara saƙo mai kama da na kamfanin sak, da tambari da komai, su sa maɓallin "ba ni ba ce". Kina dannawa ya kai ki shafin bogi ya ce ki rubuta kalmar sirrinki, kin ga kin miƙa musu abin da ba su da shi a da. Saƙonnin Facebook na gaskiya sukan fito daga adireshin da ya ƙare da facebookmail.com, na Instagram kuma mail.instagram.com, amma ban cika son mutum ya dogara da wannan kaɗai ba, saboda harafi ɗaya ake sauyawa ido ya wuce bai lura ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ki rufe imel ɗin, ki buɗe manhajar Facebook da ke wayarki da kanki. Ki shiga Settings, sai Accounts Center, sai Password and security. Wurare biyu za ki duba a nan. Recent emails zai nuna miki saƙonnin tsaro da kamfanin ya aiko miki da gaske. Where you're logged in kuma zai jero duk na'urar da asusunki ke buɗe a kanta, da lokaci da wuri. Idan babu saƙon a na farko, babu kwamfuta a na biyu, to tarko ne aka ɗana miki, ki goge shi ki ci gaba da harkarki.

Mu ɗauka kin duba kin ga layi yana cewa Windows, da daren jiya. Kafin mu tafi, bari in ce wani abu game da sunan garin, domin shi ne ya fi firgita mutane, alhali shi ne mafi rauni a cikin shaidun. Kamfanin ba ya ganin inda mutum yake zaune. Adireshin IP yake gani, wato lambar da kamfanin sadarwa ya bai wa na'ura lokacin da ta hau intanet, sai ya yi hasashen gari daga ita. Kamfanonin waya sukan fitar da zirga-zirgar masu amfani da su ta wata babbar cibiya a wani gari mai nisa, don haka mutum yana kwance a ɗakinsa za a rubuta cewa yana wani wurin da bai taɓa zuwa ba. Mai amfani da VPN, manhajar da ke ɓoye adireshin nan ta bi da shi ta wani wuri, ma har wata ƙasa ake iya kai shi. Da a ce sanarwar ta nuna irin wayarki ce, a lokacin da kike riƙe da ita, garin ne kawai baƙo, da na ce miki kusan lallai ke ce. Abin da ya sa taki ta bambanta shi ne na'urar da lokacin. Sai dai ki tambayi kanki abu ɗaya: kin taɓa shiga asusun a kwamfutar wani, a wurin aiki ko wurin buga takardu, ko kin bai wa wani kalmar sirrin don ya taya ki kula da shafin? Idan amsar a'a ce, ki ɗauka wani yana da kalmar sirrinki.

Wannan ne ya sa ban yarda da shawarar ƙaninki ba, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi ta. Wanda ya shiga bai bi ta wayarki ba, ta kwamfutarsa ya shiga da mabuɗinki. Wanda aka sace wa mabuɗi kuwa kwaɗo yake sauyawa. Kalmar sirri galibi ta hanya biyu take fita. Ko dai kin taɓa rubuta ta a wani shafin bogi, irin na "ki zaɓe ni a gasa" ko "za a rufe shafinki idan ba ki tabbatar ba", ko kuma kin yi amfani da ita ɗaya tak a wurare da yawa, aka fasa ɗaya daga cikinsu, ɓarayin suka ɗauki imel da kalmar suna gwadawa ƙofa ƙofa. Akwai shafin haveibeenpwned.com, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, inda za ki rubuta adireshin imel ɗinki kyauta ya nuna miki ko ya fito a cikin bayanan da aka sace daga wasu kamfanoni. Sayar da wayar ma zai iya cutar da ke: idan abu ya ƙazanta har aka kulle ki waje, Facebook ya fi saurin yarda da mai neman dawo da asusu daga na'urar da ya saba gani.

To ga aikin, kuma jerin yana da muhimmanci. Idan kalmar sirrin imel ɗinki ita ce ta Facebook, ko 'yar'uwarta ce da aka ƙara wa lamba ɗaya, fara da imel ɗin. Dalili shi ne duk saƙon sauya kalmar sirri can yake sauka, wanda ke riƙe da imel ɗinki zai iya ƙwace Facebook sau goma kina ƙwatowa. Daga nan ki sauya ta Facebook, doguwa, wadda ba ki amfani da ita ko'ina. Bayan sauyawar za a ba ki zaɓin fitar da sauran na'urori. Ki karɓa, ki fitar da kowa, sannan ki koma Where you're logged in ki tabbatar wayarki kaɗai ta rage. Mutane da yawa a nan suke yin sakaci. Idan aka shiga asusu, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, tana ajiye wata 'yar alama kamar tikitin shiga, da ita ake komawa ba tare da an sake tambayar kalmar sirri ba, don haka sai kin tabbatar an yage tikitin baƙon.

Sai kuma bincike, wanda a ganina ya fi komai cancantar lokacinki, domin ɓarawo mai wayo ba ya ɗaukar kaya a daren farko, ƙofar baya yake buɗe wa kansa. Ki duba bayanan tuntuɓa a Accounts Center: akwai imel ko lambar waya da ba taki ba? Cire ta. Akwai wani asusun Instagram ko Facebook da aka liƙa a cibiyar wanda ba ki sani ba? Cire shi, domin ta nan ake dawowa bayan an sauya kalmar sirri. Tunda kina da shafin talla, ki shiga Page access ki ga ko an ƙara wani a cikin masu iko da shi. Idan kin taɓa sa katin banki don biyan talla, ki duba ko an kunna tallan da ba naki ba, in kin gani ki tsayar da shi ki sanar da bankinki. A ƙarshe ki leƙa Messenger. Idan an tura wa mutanenki saƙon neman rance ko wani mahaɗi da sunanki, ki gaya musu ta wata hanyar cewa ba ke ba ce.

Yanzu batun zaɓin da ya rage miki, wato tabbaci mai mataki biyu, inda bayan kalmar sirri sai an kawo wata shaida ta biyu kafin a shiga. Za ki same shi a Two-factor authentication. Iri uku ne. Lambar da ake turowa ta saƙon tes ita ce mafi sauƙi, kuma ta fi babu nesa ba kusa ba, amma tana rataye da layinki: in aka yaudari kamfanin waya aka sake fitar da layin da sunanki, lambar ta koma hannun wani. Manhajar tabbaci, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, kyauta ce, tana fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, ko babu sabis tana aiki. Ita nake ba ki shawara. Na uku ɗan mabuɗin tsaro ne da ake saye a soka a na'ura ko a kara shi a bayan waya. Shi ne ya fi ƙarfi, domin ba ya amsa wa shafin bogi, alhali lambar tes da ta manhaja mutum na iya rubuta su da hannunsa a shafin ɓarawo. Amma yana ɓacewa kamar kowane mabuɗi, shi ya sa masu amfani da shi kan sayi biyu, kuma ban ga ya zame miki dole ba sai in shafin ya girma har kuɗi masu kauri na bi ta kansa. Kowanne kika zaɓa, ki karɓi Recovery codes, lambobi 10 ne da kowacce ke aiki sau ɗaya, ki rubuta su a takarda ki adana. Ranar da waya ta faɗa ruwa za ki tuna da su.

Bayan kin kunna wannan, ki riƙa karanta saƙon lamba da kyau idan ya zo ba ki nema ba. Lambar sake saita kalmar sirri tana nufin wani ya rubuta imel ko lambar wayarki ne kawai, wataƙila ma bisa kuskure. Lambar shiga kuwa tana nufin ya rubuta kalmar sirrin daidai, mataki na biyu ne ya tare shi, don haka a sauya ta nan take. Ko wacce ce, kada ki karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfanin yake.

Manhajar riga-kafin da ƙawarki ta ambata ba za ta fitar da baƙon daga asusunki ba, aikinta daban ne. Lokacin da zan zargi wayar shi ne idan kin yi duk abubuwan nan, da sabuwar kalmar da babu wanda ya sani, sai baƙuwar na'ura ta sake bayyana cikin 'yan kwanaki. A nan sai ki tuna ko kin taɓa sauke manhaja daga wajen Play Store, musamman irin kwaikwayon WhatsApp ko Facebook da ake cewa suna da ƙarin abubuwa. Ki goge su, ki sa Play Protect, mai binciken manhajoji da ke cikin Play Store, ya bincika wayar, in abin ya ƙi ki kwashe hotunanki ki mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sannan ki sake sauya kalmomin sirrin. Wannan ma bai buƙatar sabuwar waya.

Idan kuwa kin je buɗe manhajar kin tarar an riga an fitar da ke, kalmar sirrin ta daina aiki, ki rubuta facebook.com/hacked da hannunki a burauzar wannan wayar taki. Ki kuma duba imel ɗinki: idan ɓarawon ya sauya adireshin asusun, Facebook kan aika saƙo zuwa tsohon adireshin da hanyar soke sauyin, kuma hanyar ba ta daɗewa tana aiki. Masu zuwa a ƙarƙashin rubutu suna cewa a biya su su dawo da asusu, kada ki ba su ko sisi.