Rahoton cinikinmu na kullum yana faɗawa `Spam`, manajoji kuma ba sa buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da magunguna mai rassa bakwai a Kano. Na rubuta manhaja da PHP wadda take tura rahoton ciniki ta imel kowane dare ga maigida da manajoji, mutum goma sha biyu. Taken saƙon kullum ɗaya ne: "RAHOTON YAU!!!", cikinsa babu rubutu sai fayil ɗin Excel. Adireshin Gmail ɗina na sa a matsayin mai turawa. Yanzu rabinsu na cewa saƙon na shiga `Spam`, sauran kuma ba sa buɗewa. Wane irin take zan riƙa rubutawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za mu zo kan take, amma ba daga nan ciwon ya fara ba. Ko da ka rubuta take mafi kyau a duniya, muddin adireshin mai turawa yana yadda ka sa shi, saƙon zai ci gaba da faɗawa `Spam`.

Manhajarka tana zaune ne a sabar kamfanin da ke ajiye muku shafi, daga can saƙon yake fita, amma a goshinsa an rubuta cewa daga gmail.com yake. Idan ya isa wurin Google, sai su duba su ga ba daga sabarsu ya fito ba, kuma babu sa hannunsu a kansa. Kamar mutum ne ya zo maka da takarda mai hatimin gidanku, alhali ka san ba a gidan aka rubuta ta ba. Haka 'yan damfara suke yi, don haka cikinsu ake jefa ka. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta wannan: duk mai turo saƙo sai ya kasance yana da SPF, wato jerin sabobin da aka yarda su tura da sunan domen, ko DKIM, wato sa hannun domen a kan saƙo; mai tura dubu biyar zuwa sama a rana kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC, wato umarnin abin da za a yi da saƙon da bai tabbata ba. Kai saƙo goma sha biyu kake turawa, dokar manyan ba ta hau kanka ba, amma ta farkon ta hau.

Kada ka ɗauki maganata kawai, je ka gani da idonka. Buɗe ɗaya daga saƙonnin a Gmail ta kwamfuta, domin manhajar waya ba ta da wannan zaɓin. Danna ɗigo ukun da ke gefen saƙon ka zaɓi `Show original`. A sama za ka ga layukan SPF da DKIM da DMARC, kowanne da sakamakonsa. A naka ina sa ran ka ga DMARC ya ce `FAIL`, layin DKIM kuma wataƙila babu shi kwata-kwata. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne SPF yana iya cewa `PASS` amma a fāɗi duk da haka, saboda sunan sabar mai ajiye shafin ne ya ci jarrabawar, ba sunan da mai karatu yake gani ba. DMARC yana so sunan da ke `From` ya yi daidai da wanda SPF ko DKIM ya tabbatar.

Gyaran shi ne ka tura da sunan kamfaninku. Ka buɗe adireshi kamar rahoto@example.com a domen ɗinku, ka daina amfani da `mail()` na PHP, ka koma PHPMailer mai shiga ta SMTP da sunan akwatin da kalmar sirrinsa. Wanda ke kula muku da imel zai ba ka layin SPF da mabuɗin DKIM da za ka saka a DNS. Ka kula, layin SPF ɗaya tak ake yarda da shi a domen ɗaya; idan akwai wani tun da, gyara shi za ka yi, ba ƙara na biyu ba, in ba haka ba duka biyun sun lalace. Sannan ka ƙara wannan a ƙarƙashin `_dmarc`:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com
```

Wannan `p=none` yana nufin a sa ido a turo maka rahoto, kada a hukunta kowa tukuna. Bayan DNS ya kama, wanda kan ɗauki daga mintuna zuwa yini guda, ka tura gwaji ka sake duba `Show original` har ka ga `PASS` uku.

To, sai take. Ka tuna yadda maigida yake karanta saƙonsa: a waya, wataƙila bayan sallar asuba ko a mota, yana zazzaga allo da babban yatsa. Wayar ba ta nuna masa fiye da haruffa talatin zuwa arba'in na take, sauran ta yanke. "RAHOTON YAU!!!" bai gaya masa komai ba wanda bai sani ba tun jiya. Manyan baƙaƙe da alamar motsin rai uku kuwa kamannin talla ne. Su kaɗai ba su cika jefa saƙo `Spam` ba a wannan zamani, amma idan an riga an yi shakkar mai turawa, suna ƙara wa Barno dawaki. Akwai kuma wata illar da ba ka lura da ita ba: idan mai turawa ɗaya ne, take ɗaya ne, Gmail yakan tara saƙonnin a zare guda. Sai manaja ya ga layi ɗaya da lamba a gefensa, ya ɗauka tsohon ne da ya riga ya gani.

Kalmar "rahoto" ka mayar da ita sunan mai turawa, wato "Rahoton Ciniki", tunda shi ma yana bayyana a allo. Hakan ya bar maka taken fili don abin da ke canjawa kowace rana: kwanan wata, jimillar kuɗi, da abu ɗaya da ke neman a ɗauki mataki. Misali, a ranar da komai ya tafi daidai:

12/5: ₦4.2m, duk rassa sun turo

A ranar da aka samu tangarɗa:

13/5: ₦3.6m, Sabon Gari bai turo ba

Na biyun nan haruffa talatin da biyar ne, zai shiga allon waya, kuma maigida ba zai wuce shi ba. Na farkon kuwa ko bai buɗe ba, saƙo ya isa. Ni a ganina wannan ba asara ba ce. Rahoton da aka fahimta daga take ya yi aikinsa. Abin da zan hana ka shi ne sa "GAGGAWA" kowace rana. Sati biyu kawai, idon mutane zai saba ya riƙa tsallakewa, ranar da gaggawar gaske ta zo kuma babu mai waiwaya. Ka sa wa manhajar sharaɗi: idan reshe bai turo ba, ko cinikinsa ya faɗi ƙasa da rabin abin da ya saba, sunansa ya hau take, in ba haka ba a bar taken shiru. Idan kuma maigida ba ya son kuɗi ya riƙa fitowa a fuskar wayarsa inda na kusa zai hango, ka tambaye shi tukuna, sai ka sa yawan rassan da suka turo a maimakonsa.

Wani abu da ya shafe mu musamman: ƙ da ɗ da ɓ, har da alamar ₦. Asalin ƙa'idar imel ba ta yarda da su kai tsaye a take ba, sai an naɗe su. Idan ba a yi ba, reshen Ƙofar Ruwa zai fito da wasu baƙaƙe barkatai a gaba, abin da ke sa saƙo ya yi kama da shara. PHPMailer yana naɗewa da kansa, amma sai ka gaya masa UTF-8, domin ba shi ne zaɓinsa na asali ba:

```php
$mail->CharSet = 'UTF-8';
$mail->setFrom('rahoto@example.com', 'Rahoton Ciniki');
$mail->Subject = $take;
$mail->isHTML(true);
$mail->Body = $html;
$mail->AltBody = $rubutu;
```

Layin ƙarshen nan, `AltBody`, shi ne kwafin saƙon a rubutu zalla. Kada ka bar shi fanko.

Cikin saƙon kuma, wanda ka bari wayam, shi ne kuskure na biyu mafi girma bayan adireshi. Saƙo marar rubutu mai ɗauke da fayil ɗin Excel shi ne ainihin siffar saƙonnin da ake yaɗa ƙwayar cutar kwamfuta da su, matatun imel sun san shi sarai. Ga manaja kuma wahala ce: sai ya sauke fayil, ya jira ya buɗe, ya yi ta jan allo hagu da dama yana neman layin reshensa. Ba lalaci ne ya hana su buɗewa ba.

Ka fara da jimla ɗaya ta magana, domin Gmail yana nuna farkon rubutu a ƙarƙashin take tun kafin a buɗe. Kada ka ɓata wurin da tambarin kamfani ko doguwar gaisuwa. Rubuta kamar haka: "Rassa shida cikin bakwai sun turo. Ciniki ya ragu da ₦600,000 a kan na jiya, saboda babu na Sabon Gari." Bayanta sai ɗan jadawali, layi bakwai na rassa, ginshiƙi uku kacal: reshe, cinikin yau, bambanci da jiya. Ginshiƙi na huɗu da na biyar su ne ke sa jadawali ya fi ƙarfin allon waya. Lambobin su zama rubutu na gaske, ba hoton jadawali ba, don wasu akwatunan, irin Outlook, sukan ɓoye hotuna sai an ba da izini. Fayil ɗin Excel kana iya barinsa a ƙasa don akanta, a sa masa suna mai kwanan wata, kuma ya zama `.xlsx`, ba `.xlsm` mai ɗauke da umarni a ciki ba.

Kada kuma ka juya ka zuba duk kayan shago a jikin saƙon. Idan HTML ya wuce kilobait 102, Gmail yana datse shi ya rubuta `[Message clipped]` a ƙasa, kuma jadawali mai layi ɗari huɗu da ado a kowane gida yana kai wa nan cikin sauƙi. Idan za ka sa mahaɗi zuwa cikakken rahoto, guda ɗaya ya isa, na domen ɗinku, ba irin gajerun nan da ake ɓoye inda suka nufa ba.

Sa'arka ita ce mutum goma sha biyun nan duk ka san su. Ranar da sabon adireshin zai fara aiki, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tarar da saƙon a `Spam` ya danna `Report not spam`, ya adana adireshin cikin lambobinsa. Ga maigida, ka zauna a kwamfutarsa ka yi masa matata, wato `filter`, a Gmail: a `From` ka sa rahoto@example.com, ka zaɓi `Never send it to Spam`. Ka duba jerin masu karɓa kuma, idan akwai manajan da ya bar aiki ka cire shi yau, domin wanda aka sallama yana ci gaba da samun rahoton ciniki, kuma shi ne zai fi kowa saurin danna `Report spam` a kanka. Saƙonnin da suka dawo ba su isa ba za su riƙa sauka a akwatin rahoto@example.com, saboda haka ka riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a mako.