Yanar ido da hawan jinin ido, wanne ya fi hatsari?

"Likita ya ce babana yana da hawan jinin ido amma shi baya jin ciwon komai, ko yanar ido ce ake nufi? Mu bari sai ta nuna?"

Dan uwa don Allah kada ku jira, ba ciwo daya bane. Yanar ido dai kwayar cikin ido ce ke yin hazo, mutum ya rika gani dishi-dishi kamar ranar da buji ya rufe Maradi, hitilar mota da dare ta dame shi. In anyi aiki an cire an sa ta roba, gani na dawowa.

Hawan jinin ido kuwa, da likitoci ke cewa gilokoma, wani abu ne daban, ba shi ne hawan jinin jiki ba. Akwai ruwan da ido ke yi kullum yana fita ta wata 'yar magudana, in ta toshe sai ruwan ya taru yana danne jijiyar gani, kuma da yake a hankali yake hawa shekara da shekaru ido baya jin zafi. Daga gefe yake fara ci, tsakiya na nan garau, dayan idon na rufa ma dan uwansa asiri. Kawuna haka yayi ta karo da bakin kofa, dan kabu-kabu ya zo ta gefensa bai gani ba, muna cewa tsufa ne. Da aka auna ido daya ya riga ya tafi, jijiyar da ta mutu kuma babu aikin da ke tada ta.

Maganin digawa baya kara gani, saura yake tsarewa, shi yasa mutane ke yasar da shi suce baya aiki. Baba ya diga kullum, ku ma 'ya'yansa kuje a auna ku don yana bin jini.