Kasafin shirin lafiyar ƙwaƙwalwa a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan

"Ƙungiyarmu a Mai Wurno tana neman tallafin kula da masu damuwa da firgici. An ce kasafinmu bai dace da bayanin aikin ba. Ina gyara yake?"

'Yar'uwa, kowane kuɗi ki ɗaure shi da aikin da kika ambata. In kin ce za ki horar da mata 20 su zauna da masu damuwa a gida-gida, a ga lissafinsa: mutum 20, kwana 5, abinci da kuɗin mota na kowace rana. Abin da aka fi mantawa shi ne mai duba su. Matar da ke sauraron labarin waɗanda suka gudo daga Khartoum tun 2023 ita ma nauyi yana taruwa mata a zuciya, don haka ki sa albashin ma'aikacin jinya da zai gana da su duk wata, da kuɗin kai mai tsananin ciwo asibitin Sennar. Ki rubuta kasafin da dala, domin fam na Sudan yana faɗuwa.

Batun ɗorewar aikin kuwa, kada ki ce "za mu nemi wani tallafi". Ki samo takardar amincewa daga cibiyar lafiyar garin cewa za ta riƙe matan bayan kuɗin ya ƙare.